Tuwo da Miya a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗalibin da Yake Lissafin Kalori

Aikina a nan Katsina shi ne ba mutane shawara kan abinci, amma tambayoyin da ke ƙasa a gida suka same ni. Ɗan ƙanena ya tafi karatun digiri na biyu a wani gari da ke arewacin Ingila, kuma cikin wata bakwai nauyinsa ya tashi daga kilo 74 zuwa 82, alhali kuwa yana rantsuwa cewa abin da ya saba ci a gidanmu na Ƙofar Marusa shi yake dafawa. Da muka zauna ta waya muka bi tukunyarsa daki-daki, sai abokansa da iyayen wasu ɗalibai daga Katsina da Daura suka fara aiko da nasu tambayoyin. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Misalan duk na kantunan Ingila ne, domin can yake, amma hanyar lissafin tana aiki a ko'ina.

Kalori nawa ya kamata in ci a rana, kuma ta yaya zan san adadin da ya dace da ni?

Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da adadi na gaba ɗaya, wato kimanin kalori 2,500 ga namiji da 2,000 ga mace, domin nauyi ya tsaya inda yake. Wannan matsakaici ne kawai, saboda haka ya fi kyau mutum ya lissafa nasa da hanyar Mifflin-St Jeor, wadda aka wallafa a 1990 kuma masu aikinmu suke yawan amfani da ita. Ana sa nauyi da kilo, tsawo da santimita.

```
namiji: (10 × nauyi) + (6.25 × tsawo) − (5 × shekaru) + 5
mace:   (10 × nauyi) + (6.25 × tsawo) − (5 × shekaru) − 161
```

Ɗan namu yana da shekara 24, tsawonsa santimita 175, nauyinsa kilo 82, don haka lissafinsa ya ba da kusan 1,800. Wannan shi ne abin da jiki yake ƙonawa ko da mutum ya wuni a kwance. Ɗalibin da yake tafiya aji da ƙafa amma yake wuni a zaune gaban littafi sai ya ninka adadin da 1.4, wanda ya kai shi kusan 2,500. Da yake ragewa yake son yi, muka cire 500, ya tsaya a kan 2,000 a rana. Ragin da ya kai haka yakan sauke kimanin rabin kilo a mako, kuma ban cika son a wuce shi ba ga wanda yake da jarrabawa a gabansa.

Abin da nake ci a gida shi nake ci a nan, to me ya sa nake ƙiba?

Wannan ita ce tambayar farko da ya yi mini. Ya ce, “Gwaggo, tuwo ne fa da miya, ban ƙara komai ba.” Sai na ce ya ɗora wayar inda zan ga tukunyar, ya yi girkin kamar yadda ya saba, amma duk abin da zai zuba ya fara ɗora shi a kan sikeli.

Miyar taushe yake yi a ranar. Man da ya tuttula daga kwalba, da muka juye shi a cokali, ya kai babban cokali takwas, kuma kowane babban cokali na mai yana ɗauke da kalori kusan 125, wato 1,000 ke nan tun bai sa albasa ba. Niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba ya ɗebo giram 150, kusan kalori 920. Naman da ya saya niƙaƙƙe ne mai araha, wanda aka rubuta kitse kashi 20 cikin ɗari a jikinsa, kuma rabin kilo na irinsa ya kai 1,250. Tumatir, albasa, kabewa, ganye da kayan ɗanɗano gaba ɗaya ba su wuce 430 ba. Tukunyar ta tashi a kan 3,600, kuma sau uku yake cinye ta, kowane zama 1,200. Tuwon kuwa da shinkafa giram 200 ya tuƙa shi, kalori 710. Faranti ɗaya na dare ya haura 1,900, kusan abincin wuninsa duka.

Dalilin a fili yake idan mutum ya tuna yadda ake girki a gida. Uwa tana auna mai da gyaɗa da nama ne ga mutum goma ko fiye, kuma ita take rabawa, kowa ya sami malmalarsa da tsoka ɗaya ko biyu. Ɗalibin da ya koyi girki da kallon hannunta yakan ɗauki ma'aunin babban gida ya kai shi tukunyar mutum ɗaya, sannan babu mai raba masa. Ga shi kuma zirga-zirgar da yake yi a nan, daga gida zuwa masallaci zuwa kasuwa, sanyi da duhun hunturu sun rage ta ƙwarai.

Wane kayan aiki nake bukata, kuma yaya ake karanta rubutun da ke bayan fakiti?

Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram da cokalin awo, babba mai mililita 15 da ƙarami mai mililita 5, sun wadatar. Mudu da tiya da gwangwanin madara da muka saba da su ma'aunin cika ne, kuma gwangwani ɗaya na gari da gwangwani ɗaya na shinkafa ba nauyinsu ɗaya ba, shi ya sa a wannan aiki sikeli ya fi su.

A bayan kowane fakiti akwai jadawali, kuma layinsa na farko yana da lambobi biyu, ɗaya da `kJ` ɗaya da `kcal`. Ta biyun ita ce kalorin da muke magana a kai. Ta farkon ta ninka ta sau huɗu da 'yan kai, kuma na ga ɗaliba da ta tsorata da ita har ta daina cin biredi. A duba ginshiƙin da aka rubuta `per 100g`, domin da shi ake kwatanta kaya biyu, sannan a ninka da abin da aka auna. Ginshiƙin da ke nuna kason mutum ɗaya kamfani ne ya zaɓi girmansa, kuma sau da yawa ya fi abin da Bahaushe zai zuba ƙanƙanta.

Akwai tarko guda da ya fi kama masu tuwo. Wasu fakitin shinkafa da taliya suna ba da lissafin dafaffe ne, wasu kuma na ɗanye. Ɗanyar shinkafa tana da kalori kusan 350 zuwa 360 a giram 100, dafaffiya kuwa kusan 130, saboda ruwan da ta sha. Idan mutum ya auna ɗanya ya yi lissafi da lambar dafaffiya, zai ci kusan ninki uku na abin da ya rubuta. Alamar ganewa mai sauƙi ce: duk hatsi ko garin da lambarsa ta yi ƙasa da 200, lissafin dafaffe ne. Shawarata ita ce a auna komai ɗanye kafin ya shiga tukunya, domin tuwon yau da na gobe ba sa shan ruwa iri ɗaya.

Da me zan tuƙa tuwo, tunda babu garin dawa ko na masara irin namu?

Sunayen da zan kawo na rubuta su yadda suke a jikin fakiti, domin haka za a neme su a kanti ko a shafin sayayya. Don tuwon shinkafa a nemi `pudding rice`, gajeriyar shinkafa ce mai danƙo wadda take narkewa ta kama jikinta kamar shinkafar tuwo ta gida. Basmati ba ta haɗewa da kyau, wadda aka rubuta wa `easy cook` kuma turarriya ce, ko an daɗe ana tuƙi tsaba-tsaba take zama. Wanda yake sauri zai iya amfani da `ground rice`, wato niƙaƙƙiyar shinkafa, ya yi talge ya tuƙa cikin 'yan mintuna.

Don tuwon masara a nemi `maize meal` ko `fine cornmeal`. Kada a sayi `cornflour`, ko da yake sunan yana kama da garin masara, domin a Ingila zallar sitaci ne da ake kaurara miya da shi. Ɗan namu ya saya a makonsa na farko, ya zuba a tafasasshen ruwa, abin ya zama wani farin danƙo mai sheƙi kamar kokon sa wa kaya, muciya ta kasa juya shi. Gero da dawa kuwa suna nan, sai dai da sunan Indiyawa: garin gero shi ne `bajra`, garin dawa shi ne `jowar`, kuma ana samun su a shagunan mutanen Indiya da Pakistan, wani lokaci har a sashen abincin ƙasashen waje na manyan kantuna. Samolina ma tana tuƙuwa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ta fuskar kalori waɗannan duka kusan ɗaya suke, tsakanin 350 zuwa 380 a giram 100 na busasshen gari. Wanda ya bar shinkafa ya koma dawa yana zaton ya rage, bai rage kalori ba, sai dai ya sami ƙarin dusa wadda take sa ƙoshi ya daɗe, kuma wannan riba ce ta gaske. Ragin yana cikin yawan garin. Giram 80 na ɗanyar shinkafa yana ba da malmala matsakaiciya mai kalori kusan 285, kuma idan aka tuƙa shi da laushi ya sha ruwa sosai, ya fi cika ido da ciki fiye da mai tauri.

Yaya zan gyara miyar ba tare da ta zama lami ba?

A nan ne aikin yake, don haka ga yadda muka sake gina waccan miyar taushen. Mai ya koma babban cokali biyu, kalori 250, kuma ya isa a soya albasa giram 150 a wuta marar ƙarfi har ta yi laushi ta fara ja, domin daga nan ne yawancin daɗin yake fitowa. Gwangwanin yankakken tumatir mai giram 400 yana da kusan 90. A bar shi ya dahu da attarugu har tsaminsa ya mutu. A madadin kabewa akwai `butternut squash`, wadda take da zaƙi da launi irin na kabewarmu, giram 400 kusan 170. A madadin alayyahu akwai daskararren ganyen `spinach` da ake sayarwa a firiza dunƙule-dunƙule, giram 300 kusan 75, sai dai yana da ruwa fiye da namu, don haka a sa shi a ƙarshe kuma a rage ruwan sanwa.

Gyaɗa ta sauko zuwa giram 60, kalori 370. A zaɓi wadda aka rubuta gyaɗa zalla a jerin kayan haɗinta, domin wasu ana ƙara musu sukari da wani man. Kaurin da gyaɗa take bayarwa kabewa ce ta cike shi: idan ta dahu sai a murƙushe rabinta da bayan ludayi a cikin tukunyar. Nama kuma ya koma tsokar sa marar kitse, rabin kilo kusan 650. Albasa 60, daddawa da dunƙule da barkono a ba su 35. Tukunyar ta tashi a kan 1,700, aka raba ta gida huɗu, kowane kaso 425. Idan aka haɗa da malmalar 285, abincin dare ya zama 710, ƙasa da rabin na da.

Rabon ma da sikeli ake yi. A jera robobi huɗu, a zuba miya har nauyinsu ya zo ɗaya, a ƙirga tsokokin nama a raba daidai. Ba na so a cire mai gaba ɗaya, domin jiki yana bukatarsa wajen karɓar bitamin A da ke cikin kabewa da ganye, kuma miyar da ba ta da daɗi ba a daɗewa a kanta. Bayan mako biyu mutum zai koma sayen soyayyar kaza da dankali a kan hanya. Manja da man gyaɗa da man zaitun duk kalorinsu ɗaya ne a cokali, don haka tsadar mai ba ta rage komai.

Miyar kuka da ta kuɓewa sun fi sauƙin lissafi, domin su kansu kuka da kuɓewar ba su da wani kalori mai yawa a ɗan abin da ake kaɗawa. Abin lura a cikinsu shi ne man shanun da ake zubawa a sama, wanda ƙaramin cokali ɗaya nasa ya kai kusan 40. Ɗanyar kuɓewa ana samunta yankakkiya a firiza.

Wake da shinkafa fa, da ɗan wake?

Garau-garau ya fi kowane abinci dacewa da ɗalibi, kuma wakenmu mai baƙin ido yana nan da sunan `black eyed beans`, busasshe ko dafaffe a gwangwani. Gwangwanin giram 400 rabinsa kusan ruwa ne. A duba inda aka rubuta `drained weight`, wanda yakan kasance kusan giram 240, domin shi ne nauyin waken bayan an tsiyaye. Dafaffen wake yana da kalori kusan 115 a giram 100, busasshe kuwa kusan 340. A ɗauraye na gwangwanin kafin a zuba, gishirinsa zai ragu.

Abincin ranar da muka tsara shi ne ɗanyar shinkafa giram 60, kalori 215, da rabin gwangwanin wake, 135, da mai babban cokali ɗaya, 125, da dafaffen ƙwai ɗaya, 75, da kabeji da kokwamba da tumatir cike da gefen faranti, kusan 40, ya zama 590. Haɗarin wannan abinci a wajen zuba mai da yaji yake, domin hannu yakan zagaya farantin sau biyu ba tare da an lura ba. A zuba man a cokali tukuna, sannan a kwarara shi.

Ɗan wake yana yiwuwa idan an sami garin wake da na rogo a shagunan 'yan Afirka, ga kuka daga gida, kuma ɗan ƙaramin `bicarbonate of soda` yana tsayawa a matsayin kanwa. Lissafinsa irin na tuwo ne: a auna busasshen garin, giram 100 kusan 350, a auna mai.

Zan iya shan fura da nono ina wannan lissafi?

Za a iya, kuma mun sa ta cikin tsarin da gangan, domin ita ce abin da ya fi kewa. Garin gero giram 40, kalori kusan 150, a haɗa shi da citta da kanumfari da ɗan barkono, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a dunƙula ƙanana, a jefa a tafasasshen ruwa har su dahu ciki da waje, sannan a murƙushe su da zafinsu tunda babu turmi. Nonon ne yake bukatar lura. Yogot marar zaƙi mai ƙarancin maiƙo yana da kusan 60 a giram 100, amma mai kauri irin na Girka, wanda ya fi kama da kindirmo a baki, yakan kai 120 zuwa 130 idan ba a cire maiƙonsa ba. Wanda ya fi kusa da tsamin nononmu shi ne `kefir`. Da giram 150 na mai ƙarancin maiƙo, kofin fura ya tsaya a kusan 240, ana tsinka shi da ruwan sanyi. Kowane ƙaramin cokali na sukari ƙarin 16 ne.

A karanta jerin kayan haɗin yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, domin bayan sukarin da ke ciki, wasu ana sa musu `gelatine`, wanda ana iya yin sa daga alade.

Idan aka haɗa wunin gaba ɗaya, karin kumallo shi ne biredi yanka biyu, 190, ƙwai biyu, 150, da aka soya da ƙaramin cokalin mai, 40, da shayi mai madara da ɗan sukari, 75, wato 455. Rana 590, fura da la'asar 240, dare 710. Jimilla ta kama kusan 2,000, kuma babu wani abu a ciki da mutumin Katsina zai kira baƙon abinci. Madarar Ingila ana gane ta da launin takardar da ke jikin robarta: shuɗi mai cikakken maiƙo, kore mai rabi, ja wadda aka cire mata kusan duka, kuma mai koren launin muka yi lissafi da ita.

Ba ni da lokacin girki kullum. Zan iya yin tuwon mako in riƙa ɗumame?

Miya dai a yi ta da yawa, a bar ta kwana biyu a firij, sauran robobin a sa su a firiza. Tuwon masara da na dawa ma suna jure ajiya. Tuwon shinkafa ne yake da sharaɗi, domin shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, kuma idan aka bar ta a ɗaki mai ɗumi takan saki guba da ɗumame ba ya karya ta. Ɗakunan ɗalibai a can ana ɗumama su dare da rana a lokacin sanyi, don haka kada a yaudaru da sanyin waje. A sanyaya tuwon cikin awa ɗaya, a sa a firij, a ci shi kafin ya wuce kwana ɗaya, a ɗumama shi sau ɗaya tak har tururi ya ratsa tsakiyarsa. Wanda ba za a ci gobe ba a ƙulla shi malmala-malmala a leda a sa a firiza tun ranar, kuma wannan yana taimaka wa lissafi, tunda kowace malmala an riga an san nauyinta.

Ni mahaifiya ce daga Daura. Me ya kamata in aika wa 'yata idan an sami mai tafiya?

Hajiya, abin da ya fi amfani shi ne abin da ba shi da nauyi kuma babu madadinsa a kantunan can: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, zoɓo da tsamiya, kowanne a ƙulle da kyau a rubuta sunansa, bayan mai tafiyar ya duba ƙa'idar kwastan ta lokacin. Su ne suke mayar da abinci na gida ba tare da ƙarin kalori mai yawa ba. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa kada a saka, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Nijeriya shigo da nama da kayan madara, kuma za a iya ƙwace su a filin jirgi. Ƙuli-ƙuli da cincin da alkaki, idan an aika, a aika kaɗan, saboda ita kaɗai ce za ta zauna da su a ɗaki cikin dare tana karatu.

Ina roƙon iyaye abu ɗaya kuma. Idan yarinya ta ce tana auna abincinta, kada a ce mata ta rame ko a yi ta matsa mata da ta ƙara ci a kowace waya. A tambaye ta me ta dafa yau, kuma ko tana samun barci.

Na yi mako uku ina lissafi amma sikeli bai motsa ba. Ina matsalar take?

Da farko a tabbatar ana awon daidai: sikeli ɗaya, da safe bayan an zaga, kafin a ci komai, sau biyu ko uku a mako, sannan a kwatanta matsakaicin mako da na mako. Nauyi yana iya hawa ko sauka da kilo guda cikin kwana ɗaya saboda ruwa da gishiri, mata kuma sukan ga ƙari gab da al'ada. Miyar da ta sha dunƙule uku tana sa jiki ya riƙe ruwa washegari, kuma gishirin da ake so babba ya tsaya a kai bai wuce giram 6 a rana ba.

Idan da gaske bai motsa ba, kusan kullum akwai abin da ba ya shiga littafi. Wajen ɗan namu, a mako na huɗu muka gano abu biyu. Na farko shayin dare ne, kofi uku yana karatu, kowanne da sukari cokali uku da biskit a gefe. Na biyu abincin ranar Juma'a ne, inda suke haɗuwa da abokai bayan masallaci su ci shinkafa da nama a gidan abinci, wanda shi kaɗai yana iya cinye yawancin ragin da aka tara a mako. Ban ce ya bar zaman Juma'a ba, domin wanda yake baƙunta yana bukatar 'yan'uwa. Mun mayar da shayin kofi ɗaya, ranar Juma'a kuma yakan bar furar la'asar ya yi abincin dare mai sauƙi. Daga nan nauyin ya fara sauka a hankali.

Yaushe ne lissafin yake zama cutarwa, kuma wa bai kamata ya fara shi da kansa ba?

Idan aka fara jin jiri a miƙewa tsaye, ko gashi yana zuba, ko karatu ba ya zama a kai, ko al'adar mace ta ɗauke, to an rage fiye da kima, sai a ƙara abinci a ga likita. Haka nan idan tunanin abinci ya mamaye wuni, mutum yana ƙin zuwa walima don tsoron abin da ba a auna ba, ko yana jin laifi mai tsanani bayan ya ci, a ajiye sikelin a nemi taimako, domin wannan ciwo ne da ake magancewa kuma kaɗaici yana ƙara shi. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon sukari da yake kan magani, mai sikila, da wanda nauyinsa bai kai ba tun farko, kada su rage abinci sai da shawarar likitansu. Ɗalibi ya yi rajista da likitan unguwarsa tun makon da ya sauka, kafin bukata ta taso.

Akwai kuma gajiyar da ba ta da alaƙa da kalori. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin da fata za ta yi bitamin D da ita, kuma hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar shan maikurogiram 10 a kullum a wannan lokaci, masu baƙar fata da masu rufe yawancin jikinsu kuma su duba yiwuwar shansa duk shekara. Ana sayar da shi a kantin magani da manyan kantuna ba tare da takardar likita ba. Wanda yake son kauce wa gelatin ya duba bayan kwalin kafin ya biya, domin masu laushin nan da ke kama da ɗigon mai galibi da shi ake yin ɓawonsu, ƙwayoyin da ke da tauri kuwa yawanci ba su da shi.